Shafi 1,900 da Kati 48: Yadda Na Ci Zangon Karatu da Hausa



Ranar da na koma gida Bakura da sakamakon zangona na farko a sashen nazarin gudanar da harkokin gwamnati na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, mahaifina yana zaune a zaure yana gyaran igiyar shanun huɗa. Na faɗi kos biyu cikin takwas. Bai yi faɗa ba. Ya dubi jakar da na sauke, wadda ta cika da takardun hotokofi, ya ce, "Wanga kaya duk kai ka karance shi?" Na ce, "Na karanta, Baba." Ya ce, "To zauna ka gaya mini abu guda da ke ciki."

Na zauna. Na buɗe baki sai Turanci ke zuwa, shi ma guntu-guntu, kamar wanda ya haddace waƙar da bai san ma'anarta ba. Na yi ƙoƙarin juya shi zuwa Hausa, abin ya ƙi. Wata huɗu ina kwana da takardu, amma na kasa gaya wa mahaifina jimla uku da zai gane. Buhun shinkafar da aka sayar aka biya mini kuɗin makaranta daga gonarmu ta noman rani ya fito, a cikin filayen da ruwan madatsar Bakolori ke shayarwa, kuma na san ba kowace shekara ake samun rarar buhu ba. Wannan zaman na zaure shi ne asalin tsarin da zan ba ku labari.

Da aka koma zango na biyu, abin da na fara yi lissafi ne. Na ɗauki kwasa-kwasan da karatunsu na zube ne, guda huɗu: ka'idojin gudanarwa, mulkin ƙananan hukumomi, tarihin aikin gwamnati a Nijeriya, da kula da ma'aikata. Sauran huɗun, irin su lissafin kuɗi da ƙididdiga, na ware su gefe, domin su da aiki ake koyonsu. Na haɗa jerin littattafai da takardun da malamai suka ba mu a waɗannan huɗun, na shiga laburare na duba yawan shafukan kowanne, na tara. Suka kai kusan shafi 1,900.

Daga nan na auna kaina. Na buɗe littafin Augustus Adebayo kan aikin gwamnati a Nijeriya, na aje agogo, na karanta tsawon awa guda irin karatun da nake gane abin da ake faɗa, ina duba ƙamus inda na ci tuntuɓe. Shafi shida na yi. Na maimaita washegari da wani littafin, shida ɗin ne dai. Ke nan shafi 1,900 na buƙatar awa fiye da 300. Ni kuwa abin da nake da shi bayan lakca da girki da ɗebo ruwa da sallah awa biyu ne a rana, daga bayan Asuba zuwa lokacin shirin aji. Makonnin koyarwa 15 ne. Na farko yakan tafi a rajista da neman ɗaki, na ƙarshe na bita ne, sai na sake cire guda na aje shi domin abin da ba a shirya masa ba, zazzaɓi ko rasuwa ko rufe hanya. Saura 12. Kwana shida a mako, awa biyu-biyu, awa 144 ke nan a dukan zangon. Ko da ban yi komai ba sai karatu, ba zan kai rabin jerin ba.

A nan na gane abin da ya kayar da ni a zangon farko. Na ɗauki jerin littattafai a matsayin umarni, na fara daga na ɗaya shafi na ɗaya, jarrabawa ta same ni a tsakiyar na uku. Alhali jerin littattafai kasuwa ce. Ba wanda ke shiga kasuwar Talata ya ce sai ya sayi duk abin da aka kasa. Da buƙatarka kake shiga, ka san rumfar da za ka nufa.

Sai na raba awa 144 ɗin nan gida uku. Kashi biyu na karatu, awa 96, wanda a gudun shafi shida ya ba ni shafi 576. Kashi ɗaya na rubutu da gwada kai. Idan aka raba 576 ga mako 12, kowane mako na da shafi 48, wato shafi 12 ga kowane kos. Lissafin ya tsaya haka: kowane mako maudu'i huɗu, kowane maudu'i shafi 12 da kati guda na taƙaitawa da Hausa. A ƙarshen zango kati 48.

Aikin da ya fi wuya shi ne yankan 1,900 zuwa 576, kuma kwana uku ya ci mini. Na daina kallon littattafai, na koma kallon maudu'ai. Na ɗauki takardar jadawalin kos da kowane malami ya raba a makon farko, na fitar da maudu'i 12 daga cikinta. Na nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya wajen ɗaliban da ke gabanmu, na sa ɗigo a gaban kowane maudu'i duk lokacin da ya fito. Daga nan na bi fihirisar kowane littafi ina rubuta shafukan da suka yi magana a kan kowane maudu'i. Nan na ga inda shafukan suke ɓuya. Ka'idoji 14 na Henri Fayol, injiniyan ma'adinai na ƙasar Faransa da ya wallafa littafinsa a 1916, suna cikin littattafai biyar na jerinmu, kusan da lafazi ɗaya. A zangon farko da sai na karanta su sau biyar ina jin ina aiki. Yanzu sai na zaɓi wanda ya fi bayani na ba shi shafi takwas ko tara, na zaɓi na biyu wanda ya saɓa masa ko ya kawo misalin Nijeriya na ba shi uku ko huɗu. Sauran ukun ban sake buɗe su a kan wannan batu ba.

Wajen jera makonni ban bi tsarin littafi ba, na bi abin da wani ya dogara a kansa. Ba za ka gane gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ba sai ka san En'e, lokacin da sarki da majalisarsa ke riƙe da baitulmali da kotu da 'yan doka da gidan yari. Saboda haka En'e ta zo a mako na biyu, gyaran 1976 a na uku, kwamitin Ibrahim Dasuki na 1984 a na huɗu, sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 daga baya. Idan malami ya riga ni isa wani maudu'i ban damu ba, lakcarsa ta zame mini share fage.

Makona daga Laraba yake farawa, domin ranar Talata ina taya kawuna sayar da shinkafa a kasuwa, ita ce hutuna. Laraba zuwa Asabar karatu, kos guda kowace safiya, ba na rubuta komai sai 'yan kalmomi a gefen takarda. Lahadi rubutun kati huɗu, minti talatin kowanne, littattafai a rufe a ƙarƙashin katifa. Litinin in ɗauki kowane kati in mayar da shi Turanci a wata takarda kamar ina amsa jarrabawa, sa'annan in buɗe littafi in gwada. Na kuma kafa wa kaina doka: maudu'in da ya kuɓuce ba ya tura na gaba. Sunansa yakan tafi makon ajiya, mako mai zuwa kuma ya fara a kan lokacinsa. A zangon farko bashin karatu ne ya ci ni, na yau ya hau kan na jiya har na daina ƙirgawa.

Katin kansa kwalin manila ne da nake yankawa gida takwas. Ba na wuce kalma 120, kuma a fuska ɗaya. A bayan katin nake rubuta kalmomin Turanci na fannin, da sunan marubuci da shekara da shafi, tunda da Turanci za a tambaye ni.

Me ya sa Hausa, alhali jarrabawar da Turanci ce? Saboda da Turanci ina iya yaudarar kaina. Zan iya kwafe jimlar marubuci, in cire kalma biyu, in kira ta taƙaitawa, ba tare da ta ratsa kaina ba. Da Hausa babu abin kwafa. Dole in san wa ya yi me, ga wa, don me, kafin jimlar ta tsaya da ƙafarta. Duk inda alƙalamina ya tsaya cak ranar Lahadi, to nan ne ban gane ba, kuma gara in sani a mako na uku da in sani a ɗakin jarrabawa.

Sai dai Hausar ma tana da nata ramin, kuma na faɗa cikinsa, na ja wani muka faɗa tare.

Ina da aboki ɗan Maradun, ajinmu ɗaya. Shi ne babba a gidansu, yakan yi kwana biyu ko uku bai zo lakca ba saboda gona da rashin lafiyar mahaifiyarsa. Da ya ga katunana sai ya roƙi in riƙa ɗaukar hotonsu ina tura masa ta waya. Na ji daɗi, har da ɗan jin kai malami. A mako na huɗu aka zo kan Max Weber, masanin zamantakewa na ƙasar Jamus da ya rasu a 1920, da bayaninsa kan abin da ɗalibai ke kira birokrasi. A wannan makon na yi fama da mura, na yi wa shafukan karatun tsallake, amma na ce ai kalmar ba baƙuwa ba ce. Wa bai san birokrasi ba? Kowa ya taɓa zuwa ofis aka ce ya dawo gobe. Sai na rubuta a katin cewa birokrasi ita ce jan ƙafa a ofis, yawan sa hannu, ɓatan fayil da wahalar da talaka. Hausar ta yi daɗi, har da karin magana na sa. Ranar Litinin ɗin kuma ban yi gwajin mayarwa Turanci ba, na ce na gaji.

Bayan mako biyu aka yi gwajin tsakiyar zango. Tambaya ta farko: kawo siffofi biyar na birokrasi a wurin Weber. Ni Allah ya taimake ni, na halarci lakcar da aka yi a kai, na tuna wasu. Abokina bai halarta ba, katina kaɗai ya karanta. Ya rubuta jan ƙafa da ɓatan fayil da cin hanci, da Turanci mai kyau, bai sami ko maki ɗaya a tambayar ba. Da aka raba takardu ya same ni a gindin bishiyar dogon yaro, ya miƙo mini tasa, ya ce, "Abokina, ga abin da ka koya mini." Bai ƙara ko kalma ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daren nan na koma na karanta shafukan da na tsallake. Abin da Weber ya bayyana kusan kishiyar abin da na rubuta ne. Shi yana siffanta wani tsarin aiki ne da ya ga ya fi sauran iya gudanar da babbar hukuma, ya kuma zana shi a cikakkiyar siffarsa domin a riƙa auna ofisoshin gaske da shi. Jan ƙafar da na rubuta cuta ce da ke kama tsarin, kuma wasu masana ne suka fi yin bayaninta daga baya, irin su Robert Merton na Amurka, wanda a 1940 ya nuna yadda ma'aikaci kan riƙe ƙa'ida har ya manta abin da aka kafa ta dominsa. Ni na ɗauki maganar mai suka na sa a bakin mai bayani, na kuma ɗauki ma'anar kalmar ta bakin titi na ɗora a kan ma'anarta ta fanni. Ga katin da na sake rubutawa, har yanzu yana wurina:

"Weber ya ce: birokrasi tsarin aiki ne da ake bin doka, ba mutum ba. Siffofinsa: aiki a rarrabe, kowa da nasa, muƙamai hawa-hawa, na ƙasa yana amsa wa na sama, ƙa'idoji a rubuce, komai a fayil, ɗaukar aiki da cancanta, biya da albashi, kujera ba mallakar mai zama a kanta ba ce, ba sani ba sabo. Ya bambanta shi da ikon gado da ikon kwarjini. Merton ya ce: bin ƙa'ida na iya zama shi ne burin, aikin ya tsaya. Ni na ce: hakimi ana yi masa biyayya don gidan da ya fito, sakataren ƙaramar hukuma don takardar da ta naɗa shi. Idan an canja shi, fayil na nan, aiki ya ci gaba."

Tun daga ranar kowane kati nawa yana da murya uku, kowace da kalar alƙalaminta. Abin da marubucin ya ce da shuɗi, abin da masu sukarsa suka ce da ja, misalina na gida da fensir. Idan na gama kati na ga fensir ya fi shuɗi yawa, na san ra'ayina na rubuta, ba taƙaitawa ba. Kuma ban sake tura wa kowa kati ba sai ya wuce gwajin Litinin.

Rami na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Akwai wuraren da littafi ke da kalma uku, ni kuma kalma ɗaya ta zo mini a baki. A kos ɗin ƙananan hukumomi akwai maudu'in sauko da iko daga tsakiya zuwa ƙasa, kuma masana irin su Dennis Rondinelli sun raba shi iri-iri, kowane iri da sunansa na Turanci, sunayen kuma masu kama da juna a kunne. Da na zo rubuta katin, duka ukun da aka fi tambaya sai na ga na rubuta musu "raba iko". Ranar Litinin da na zo mayarwa Turanci na rasa wanne ne wanne. Gwajin ya kama ni, wannan karon kafin abin ya kai ga kowa.

Ƙamus bai fitar da ni ba. Abin da ya fitar da ni shi ne na daina neman kalma, na nemi tambayoyin da ke bambanta su: wa ya naɗa mai riƙe da ikon, wa yake amsa wa, kuma wanda ya ba shi zai iya ƙwacewa da takarda guda? Sai na nemi misalin kowanne a ƙasarmu. Ofishin shiyya na wata ma'aikatar jiha, jami'insa ma'aikacin hedikwata ne da aka turo daga Gusau, can yake kai rahoto, kuma gobe ana iya mayar da shi. Wannan na kira shi "matso da ofis kusa", domin ikon bai bar hannun mai shi ba, kujerar kawai aka matso. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda aikin noman rani na Bakolori ke ƙarƙashinta, hukuma ce ta tarayya mai nata shugabanni da nata kasafi, an ɗora mata wani aiki takamaimai tana yi a madadin gwamnati, amma ga ma'aikatar tarayya take amsawa. Wannan na kira shi "ba da riƙo". Majalisar ƙaramar hukumar Bakura ko Maradun kuwa, kundin tsarin mulki ne ya tanadi a zaɓe ta, ya kuma lissafa mata ayyuka a jadawalinsa na huɗu, irin su kasuwanni da tashoshin mota da rajistar haihuwa da mutuwa. Wannan na kira shi "sakin iko", ko da yake da fensir na ƙara cewa abin da ke rubuce daban, abin da ake gani a ƙasa sau da yawa daban.

Waɗannan sunaye uku nawa ne, ban ce su ne daidaitattun kalmomin fanni ba, kuma wani zai iya samo waɗanda suka fi su. Amma sun yi mini aiki, domin kowannensu yana ɗauke da amsar tambayar da ke bambanta shi da 'yan uwansa. Na karanta wa mahaifina katin a wani hutu. Ya saurara, ya ce, "Wato kamar gona: ko ka tura ɗanka ya noma maka, ko ka ba wani aro, ko ka raba gado." Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan gajarta ba. Na ce, "Haka ne, Baba, sai dai wannan gadon ana yawan komowa a taɓa shi." Ya yi dariya. A ranar na biya bashin zaman zaure.

A watan Satumba na 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, aka kuma dakatar da kasuwannin mako-mako. Ina Bakura a lokacin, abokina yana Maradun, hanya ba ta shiguwa yadda aka saba. Duk littattafan da muka bari a zauren sada zumunta na ajinmu, muna cewa sai an matso jarrabawa mu sauke, suka zama kamar suna wata duniya. Abin da ya rage a hannuna kwalayen nan ne ɗaure da roba. Na zauna na kwafe masa waɗanda ba shi da su da hannu, na ba wani direba da muka sani ya kai masa ta Mafara. Ban yi wannan don alheri kaɗai ba, akwai maki biyar da nake jin har yanzu bashinsa ne a kaina.

Kada in bar ku da tunanin cewa kati na maganin komai. A lissafin kuɗi da ƙididdiga bai amfane ni ba, na gwada na bari, domin sanin bayanin lissafi da Hausa ba ya sa hannunka ya iya shi. Sassan kundin tsarin mulki da ake so ka kawo lafazinsu, waɗannan sai dai ka haddace su yadda suke. Kati kuma yana tsufa. Wanda na rubuta kan asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi daidai yake a lokacinsa, amma a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ƙanena da ya gaji katunan sai da na sa ya ƙara layi a kai, kuma yanzu ina ba kowa shawarar ya rubuta kwanan wata a kusurwar katinsa. Abu mafi muhimmanci shi ne wanda na koya a gindin dogon yaro: katin wani ba ya maye maka shafi 12 ɗinka. Amfaninsa yana cikin wahalar rubuta shi. Wanda aka ba shi a gama ya sami sakamakon tunanin wani, har da kurakuransa, ba shi kuma da abin da zai gane su da shi. Daga baya ni da abokina muka sauya tsari: kowa ya rubuta nasa, mu haɗu mu gwada. Inda katunanmu suka saɓa, nan muke buɗe littafi.

A cikin kati 48 da na tsara a wancan zangon, 43 na rubuta. Makon ajiya ya cinye huɗu daga cikin waɗanda suka kuɓuce, biyar suka tafi ban taɓa su ba, ɗaya daga cikinsu kuma ya fito a jarrabawa, na bar shi na zaɓi wata tambayar. Na ci kwasa-kwasan huɗu, daga baya na biya biyun da na faɗi, na karɓi diflomata.

Da na shiga ƙungiyar marubuta na fara kai gajerun labarai ana yi mini gyara, sai na ga hannuna ya riga ya saba da wasu abubuwa. Na saba rufe littafi kafin in rubuta. Na saba tambayar kaina muryar wa ce wannan jimlar, tawa ko ta wanda nake ba da labarinsa. Na kuma saba zargin jimlar da ta zo da sauƙi ta yi daɗi a baki, domin katin Weber na farko shi ne mafi daɗin Hausa cikin duk waɗanda na rubuta, kuma shi kaɗai ne ƙarya daga farko har ƙarshe. Ban yar da shi ba. Yana nan ɗaure da na biyun, na ja masa layi ja daga kusurwa zuwa kusurwa.

Idan akwai ɗalibi a cikinku da ke riƙe da irin wannan jerin a yanzu, gobe bayan Asuba ya aje agogo ya karanta awa guda, ya ƙirga shafukan da ya gane. Daga wannan adadin sauran lissafin ke tashi.

Allah ya sa albarka a karatu da alƙalami. Wassalam.